Me ya sa hanyar sin³x daban, ta sin⁴x daban?

*Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a shekarar farko ta jami'a a nan Damagaram, sashen lissafi. A jarabawar gwaji an ba mu entegiral na sin³x daga 0 zuwa π. Na rubuta firimitif ɗinsa sin⁴x/4, na samu sifiri, takarda ta dawo da jan biro. Da aka yi gyara na ga an ɓalle sinus ɗaya an ajiye gefe. Na gwada haka a kan sin⁴x, abin ya cije. Me ya raba su, kuma yaya zan gane hanyar da zan bi tun kafin in ɓata lokaci?*

Barka kadai, ƴata. Mu fara da sifirin nan, don shi kansa ya isa ya tsayar da ke kafin malami ya tsayar da ke. Daga 0 zuwa π sinus ba ya sauka ƙasa da sifiri: yana tashi daga 0, ya kai 1 a π/2, ya gangaro ya koma 0. Abin da ba ya ƙasa da sifiri, in aka ninka shi da kansa sau uku, nan ma ba zai yi ƙasa ba. Ke nan akwai fili a ƙarƙashin zanen sin³x, tudu guda mai kyau, kuma fili ba ya zama sifiri. Duk lokacin da amsa ta saɓa wa zane, amsar ce ba daidai ba.

Kuskuren ya fito ne daga ƙa'idar da kika sani tun lise, wadda ke cewa firimitif na xⁿ shi ne xⁿ⁺¹/(n+1). Ƙa'idar gaskiya ce, amma ta x ce tsurarsa. In abin da aka ɗora wa lambar sama wani aiki ne na x, kamar sinus, sai deribe ɗinsa ya kasance tsaye kusa da shi. Gwada da kanki: ɗauki deribe na sin⁴x/4, abin da zai fito shi ne sin³x · cos x. Ga cos x nan ya shigo, alhali a tambayarki babu shi. Wato sin⁴x/4 amsa ce ta wata tambaya daban, ta ∫ sin³x cos x dx.

Wannan cos x da ya ɓace shi ne mabuɗin maganar duka. Sauya harafi, wato a ce u = sin x ko u = cos x, ba ya tafiya sai an samu wanda zai raka dx ya zama du. In u = sin x, to du = cos x dx, sai an nemo kosinus ɗaya. In u = cos x, to du = −sin x dx, sai an nemo sinus ɗaya. Sauran abin da ya rage kuma dole a iya rubuta shi duka da u. Kayan aikin da muke da shi na juya sinus zuwa kosinus guda ɗaya ne:

sin²x + cos²x = 1

Dubi dangantakar nan da kyau. Bibbiyu take canzawa. Ki ba ta sin²x ta ba ki 1 − cos²x, ki ba ta sin⁴x ta ba ki (1 − cos²x)². Amma in kika kawo mata sinus ɗaya tak, ba za ta iya canza shi ba sai da rasin, kuma rasin yana zuwa da rigimar alama. Yanzu ki ɗauki tsakuwa biyar ki jera su bibbiyu a ƙasa: tagwaye biyu, saura ɗaya a tafin hannu. Ki ɗauki huɗu ki jera: tagwaye biyu, hannu wayam. Lambar mara, irin 3, 5, 7, kullum tana barin ɗaya a hannu, kuma wannan ɗayan shi ne zai raka dx. Lambar cika, irin 2, 4, 6, ba ta barin komai. Bambancin ke nan, babu wani sirri a bayansa.

To mu yi taki tambayar a tsanake. Sinus uku ne, biyu su tafi canji, ɗaya ya tsaya:

sin³x = sin²x · sin x = (1 − cos²x) · sin x

Wanda ya tsaya sinus ne, saboda haka u kosinus ne. Nan ɗalibai da yawa ke juya abin, su ga sinus ne ya cika takarda sai su ce u = sin x. A'a. Wanda aka ɓalle shi ne du, abokinsa shi ne u. Da u = cos x, muna da sin x dx = −du, sai entegiral ya koma

−∫ (1 − u²) du = −u + u³/3 + C

wato −cos x + cos³x/3 + C. A π kosinus −1 ne, sai mu samu 1 − 1/3 = 2/3. A 0 kosinus 1 ne, sai mu samu −1 + 1/3 = −2/3. A cire na biyu daga na farko, amsa 4/3, kusan 1,33. Ta dace da hankali kuwa, domin entegiral na sinus shi kaɗai a wannan tazara 2 ne, kuma sin³x yana ƙasa da sin x ko'ina sai a ƙoli da gefuna biyu, don haka dole filinsa ya gaza 2.

Wurare biyu ake zamewa a nan. Na farko alamar ragi ta du. Wanda ya manta da ita zai samu −4/3, kuma zane zai gaya masa ƙarya ce. Na biyu iyakoki. In kina son ki ƙarasa lissafi da u ba tare da komawa ga x ba, sai ki canza iyakokin su ma: x = 0 ya ba da u = 1, x = π ya ba da u = −1. Iyakoki sun zo a kife, daga 1 zuwa −1, kuma alamar ragin nan ce ke miƙe su, ta mayar da abin ∫ (1 − u²) du daga −1 zuwa 1, wanda shi ma 4/3 ne. Abin da bai kamata ba shi ne a bar 0 da π a zuba su cikin u. Duk wanda ya ga π³ a amsar irin wannan tambaya, ya san abin da ya yi ke nan.

Idan sinus da kosinus suka haɗu a wuri ɗaya, ki duba lambobin sama biyun ki nemi mara. Guda ɗaya ta isa. A ∫ sin⁴x cos³x dx mara tana kan kosinus, sai a ɓalle kosinus ɗaya, a mayar da cos²x zuwa 1 − sin²x, a sa u = sin x. Sinus huɗun nan ba ruwanki da su, u⁴ ne kawai. Abin ya zama ∫ u⁴(1 − u²) du, amsa sin⁵x/5 − sin⁷x/7 + C. Layi uku an gama, kuma babu alamar ragi da za a yi tsaro tunda deribe na sinus kosinus ne kai tsaye.

In duka biyun mara ne, hanyoyi biyu a buɗe suke, amma ɗaya ta fi gajarta. A ∫ sin³x cos⁵x dx, in kika ɓalle daga ƙarama, wato sinus, tagwaye ɗaya kawai za ki canza, ki samu −cos⁶x/6 + cos⁸x/8 + C. In kika ɓalle daga babba, sai kin warware (1 − u²)², ki samu sin⁴x/4 − sin⁶x/3 + sin⁸x/8 + C. Ɗalibai biyu kan fito daga ɗakin jarabawa da waɗannan amsoshi, kowa na ganin ɗan'uwansa ya faɗi. Duka daidai ne. Sa x = 0: ta farko ta ba da −1/24, ta biyu ta ba da 0. Sa x = π/2: ta farko 0, ta biyu 1/24. Ratar da ke tsakaninsu 1/24 ce a ko'ina, ba ta motsi, kuma C ya haɗiye ta. Shawarata a ɓalle daga ƙarama, don duk baka da aka warware ƙofa ce ta kuskure.

Yanzu mu zo inda abin ya cije miki. Da kika ɓalle sinus ɗaya daga sin⁴x, saura sin³x, kuma uku ba ta rabuwa bibbiyu. Biyu za su canzu, ɗaya ya rage, ga shi an riga an ba dx ɗan rakiya. Wannan ragowar sai an rubuta shi √(1 − u²). Aikin bai yi sauƙi ba, ya ƙara wuya. Akwai ma abin da ya fi haka haɗari, ga wanda ya ce bari ya tilasta u = sin x a kan sin²x daga 0 zuwa π. Iyakoki za su zama 0 da 0, ya ce amsa sifiri. Dalilin faɗuwarsa shi ne ya rubuta cos x = √(1 − u²) a tazarar duka, alhali bayan π/2 kosinus ya koma ƙasa da sifiri, rasin kuwa ba ya komawa. A lambar mara wannan ramin bai taso ba, saboda ba mu taɓa ɗaukar rasin ba.

Tunda cika ba ta da ragowa, sai a canza dabara gaba ɗaya. Ba a sauya harafi. Lambar sama ake saukarwa, a biya da ninka kusurwa. Tushen abin shi ne cos 2x = 1 − 2sin²x = 2cos²x − 1, wanda in aka juya shi ya ba da

sin²x = (1 − cos 2x)/2
cos²x = (1 + cos 2x)/2

Ana yawan rikita wanda ke da ragi da wanda ke da ƙari. Kada ki dogara da hadda, ki gwada da x = 0. Sinus sifiri ne a nan, kuma 1 − 1 ne ke ba da sifiri, ke nan ragi na sinus ne. Daƙiƙa biyar ce, ta fi zaman tunani.

Da wannan, ∫ sin²x dx = x/2 − sin 2x/4 + C. Ki lura da 4 ɗin nan. Rabi ɗaya na dangantakar ne, rabi na biyu kuwa ya fito daga firimitif na cos 2x, wanda shi ne sin 2x/2. Mantawa da raba wa da lambar da ke gaban x shi ne kuskuren da ya fi kowane yawa a wannan babi, kuma entegiral daga 0 zuwa π ba ya tona shi, tunda sin 2x sifiri ne a iyakokin biyu. Sai ranar da aka ba da iyaka irin π/4 asiri ke tonuwa.

Ga sin⁴x ɗinki. Shi ne sin²x sau kansa:

sin⁴x = (1 − cos 2x)²/4 = (1 − 2cos 2x + cos²2x)/4

Ba a gama ba, domin cos²2x ya fito, shi ma cika ne. A sake yi masa irin abin da aka yi, kusurwa ta sake ninkuwa, 2x ta zama 4x: cos²2x = (1 + cos 4x)/2. Cikin baka yanzu akwai 1 da 1/2, sun haɗu 3/2, sai −2cos 2x, sai cos 4x/2. A raba kowanne da 4:

sin⁴x = 3/8 − cos 2x/2 + cos 4x/8

Kafin ki ci gaba, tsaya ki auna layin nan. A x = 0 yana ba da 3/8 − 4/8 + 1/8 = 0, daidai. A x = π/2, cos π = −1 ne, cos 2π = 1, sai 3/8 + 4/8 + 1/8 = 1, daidai. In layin ya ci wannan gwaji biyu, da wuya a ce akwai ɓaraka a cikinsa. Sauran aikin ba wahala:

∫ sin⁴x dx = 3x/8 − sin 2x/4 + sin 4x/32 + C

Daga 0 zuwa π sinus biyun sun mutu, saura 3π/8, kusan 1,18. Ya gaza 1,33 na sin³x, kamar yadda ya kamata.

In sinus da kosinus duka cika ne, kafin ki warware baka biyu ki tuna da sin x cos x = sin 2x/2. Misali sin²x cos²x shi ne sin²2x/4, wato (1 − cos 4x)/8, firimitif x/8 − sin 4x/32 + C. Kuma kada ki ɗauka wanda ya shiga hanyar cika ya rabu da ta mara har abada. A sin⁶x za ki warware (1 − cos 2x)³/8, sai cos³2x ya ɓullo a ciki. Shi mara ne, sai a ɓalle ɗaya a sa u = sin 2x, ana tune da cewa du = 2cos 2x dx, firimitif ɗinsa ya zama (sin 2x − sin³2x/3)/2. A kowane gungu da ya fito ana sake yin tambayar daga farko: akwai mara ko babu?

Akwai wani abu a amsoshin nan da nake so idonki ya saba da shi, don yana gaya miki kamannin amsa tun kafin ki sa biro a takarda. Firimitif na cika yana ɗauke da x tsurarsa, x/2 ko 3x/8. Na mara ba ya ɗauke da shi. Dalili kuwa a zane yake. A zagaye guda, daga 0 zuwa 2π, sin³x yana hawa sama a rabin farko, ya nutse ƙasa a rabi na biyu daidai gwargwado, ribar da aka ci a mayar da ita, don haka firimitif ɗinsa yana komawa inda ya faro. Shi kuwa sin⁴x ba ya nutsewa, kowane zagaye tari yake ƙarawa a kan tari, kuma 3x/8 shi ne ma'aunin tarin. Wannan 3/8 shi ne matsakaicin tsayin sin⁴x, kamar yadda 1/2 yake matsakaicin sin²x. In kika yi entegiral na cika kika ƙare babu x a ciki, ko na mara kika ga x ya fito, koma baya ki duba.

Wannan rabin na sin²x yana cikin bangon ɗakinki. Wutar lantarki da ke shigowa gidaje a Nijar ana ce mata ta bolt 220, tana kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa bisa siffar sinus. Zafin da take haifarwa a dutsen guga yana bin ƙarfin wutar sau kansa, wato sin², wanda matsakaicinsa rabi ne. Shi ya sa 220 ba ƙolin wutar ba ne. Ƙolin shi ne 220 sau √2, kusan bolt 311, kuma √2 ɗin nan daga (1 − cos 2x)/2 ya fito. Mai gyaran lantarki da ya zaɓi kwandansato da lissafin 220 maimakon 311, kayan ba za su daɗe ba.

Za ki iya cewa a tarminal an koya muku wata hanya guda wadda ba ta tambayar cika ko mara, ta ƙa'idar Euler da ya wallafa a 1748, inda ake rubuta sin x = (eⁱˣ − e⁻ⁱˣ)/(2i) a warware. Hanya ce sahihiya. Tana ba da sin³x = (3sin x − sin 3x)/4, firimitif −3cos x/4 + cos 3x/12 + C. Da gani kamar ta saɓa da tamu, amma sa cos 3x = 4cos³x − 3cos x a ciki: cos 3x/12 ya zama cos³x/3 − cos x/4, a haɗa da −3cos x/4, ga −cos x + cos³x/3 ya dawo. A ganina, ga lambar mara wannan hanya ɓata lokaci ce, ga kuma (2i)³ = −8i da ke kayar da mutane a kan alama. Amma ga cika babba, daga 6 zuwa sama, ta fi maimaita rabin kusurwa tsabta, domin lambobin suna fitowa kai tsaye daga alwatikan Pascal. Na sin⁶x layin 1, 6, 15, 20, 15, 6, 1 ne, a raba da 64, kuma na tsakiya, 20/64 = 5/16, shi ne matsakaicin. Gwada da layin 1, 4, 6, 4, 1 a kan 16: na tsakiya 6/16, ga 3/8 ɗinmu.

In kuma iyakokin 0 da π ne, ko 0 da π/2, ba ki ma buƙatar firimitif. Entegiral kashi-kashi yana ba da wata ƙa'ida mai saukar da lambar sama da biyu, wadda ake jingina wa John Wallis, masanin lissafin Ingila na ƙarni na 17. In Iₙ shi ne entegiral na sinⁿx a tazarar, to

Iₙ = (n − 1)/n · Iₙ₋₂

Tunda tsallen biyu-biyu take, jere biyu ne da ba sa haɗuwa. Daga 0 zuwa π, na mara ya faro daga I₁ = 2: I₃ = 2/3 · 2 = 4/3, I₅ = 4/5 · 4/3 = 16/15. Na cika ya faro daga I₀ = π: I₂ = π/2, I₄ = 3/4 · π/2 = 3π/8, I₆ = 5/6 · 3π/8 = 5π/16. Shi ya sa π ke bin amsoshin cika, ba ya leƙa na mara. In kika jera su duka, 2, sai 1,57, sai 1,33, sai 1,18, sai 1,07, sai 0,98, za ki ga suna gangarowa a hankali, kowace tana tsakanin maƙwabtanta. Amsar da ta fita daga wannan sahu ba daidai ba ce. Iyakar ƙa'idar ita ce iyakoki: a wannan siffa mai sauƙi tana aiki ne saboda gungun −sinⁿ⁻¹x cos x/n yana mutuwa a 0, da π/2, da π. In aka ce daga 0 zuwa π/3, gungun yana raye, sai an lissafa shi.

Don gwajin hannu, ɗauki ∫ cos⁵x dx daga 0 zuwa π/2 ki yi shi ta ɓallewa, sannan ki auna da ƙa'idar Wallis, wadda ke aiki ga kosinus kamar yadda take ga sinus, tana farawa da I₁ = 1 a wannan tazara; duka biyun 8/15 ya kamata su ba ki. Sai ki yi ∫ cos⁴x dx daga 0 zuwa π/4, inda sin 2x ba ya mutuwa a iyaka ta sama. Amsar 3π/32 + 1/4 ce, kusan 0,54. In kika samu 1/2 a madadin 1/4, to a firimitif na cos 2x kika manta raba wa da biyu.